Hoton ya yi kyau, ciniki bai zo ba: yadda wata mai ɗinkin abaya a Kano ta sauya mai sa mata kaya

Shagon da za a yi magana a kansa na wata mata ne a Kano, mai ɗinka abaya da hijabi tana sayarwa. Yadi take saya a Kantin Kwari, tana da teloli 'yan kaɗan, kuma yawancin cinikinta ta WhatsApp da Instagram yake zuwa. Masu sayen kayanta sanannu ne a wurinta: matan aure ne masu aiki, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na ofis, yawancinsu daga shekara 30 zuwa 50. Abin da suke nema shi ne rigar da za a zura da safe a fita aiki, a yi sallar Azahar da ita, a biya gaisuwar rasuwa da yamma ba tare da an koma gida an sauya ba. Kayan ba su da ado mai yawa, ɗinki ne mai tsafta da ɗan aiki a hannu da gaba.

Da can a rataye take ɗaukar hoton kayan. Da ciniki ya ɗan buɗe, sai ta yi abin da kowa ke yi, ta nemi yarinyar da ake yayi a harkar tallan kayan ƙawa, ta biya mai kwalliya, ta kama situdiyo. Yarinyar doguwa ce siririya, fara, shekarunta ba su wuce 20 da kaɗan ba. Hotunan sun fito tamkar na mujalla. Shafin ya samu sababbin mabiya, ana ta danna alamar so, amma oda ba ta ƙaru ba, kuma ɗan abin da aka saya wasu suka fara dawo da shi. A nan ne ta kira ni in sake ɗaukar mata hotuna, a tunaninta matsalar haske ce ko bango.

Kafin in taɓa kyamara na roƙe ta ta buɗe min saƙonnin da suka shigo bayan an ɗora hotunan, domin a harkar nan saƙon abokan ciniki ya fi yawan masu danna so faɗin gaskiya. Saƙonnin sun kasu. Akwai na maza masu tambayar ko wace ce yarinyar. Akwai na 'yan mata masu tambayar wa ya yi kwalliyar. Sai na tsofaffin abokan cinikinta, waɗanda su ne masu kuɗin saye, kuma tambayarsu kusan iri ɗaya ce: "Hajiya, akwai ta manya?" ko "Wannan ai ta 'yan mata ce, ina irin waɗanda kika saba yi mana?" Abin mamakin shi ne rigar da suke tambaya ita ce dai wadda suka saba saya, ba a sauya ko zare ɗaya ba. Hoton ne ya gaya musu cewa yanzu kayan ba nasu ba ne.

Mace mai kallon hoton riga a waya ba kyan wadda ta sa rigar take aunawa ba. Tana tambayar kanta yadda rigar za ta zauna a jikinta, da kuma ko za ta iya shiga da ita inda take shiga. Duk abin da ke jikin mai tallar, daga tsayinta zuwa yadda ta ajiye hannu, ko dai yana amsa wannan tambaya ko yana ɓatar da ita.

Muka fara da kayan da aka dawo da su, saboda a nan asara take. Lambar abaya, wato 52, 54, 56, 58 ko 60, tsawon rigar ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗinta ba. Yarinyar da aka ɗauka tana da tsayin ƙafa 5 da inci 8, ta kuma sa takalmi mai tsini na kusan inci 3, aka sa mata lamba 56. A hoto bakin rigar ya tsaya a saman idon sawu, ya yi tsaf. Mai saye kuwa, wadda tsayinta ƙafa 5 da inci 2 ne kuma da takalmi maras tudu take zuwa aiki, sai ta ce a ba ta "daidai irin ta hoton". Ita 52 ko 54 ce tata. Da 56 ta iso, rigar na share ƙasa, ana taka ta a matakalar ofis da wajen hawa adaidaita. Ba wanda ya yi ƙarya a cinikin, amma hoton ya yi alƙawarin da rigar ba ta cika ba.

Akwai kuma abin da ba a gani daga gaba. Domin rigar ta fito da siffa a jikin siririyar yarinya, an tattare ta ta baya an danne da matsi. Masu ɗaukar hoton kaya suna yin haka a ko'ina, kuma a wasu tufafin ba laifi, amma a abaya ɓarna ce, don faɗin rigar shi ne abin da ake sayarwa. Wadda ke son sakakkiya ta ga hoto ta ɗauka ɗamammiya ce ta wuce. Wadda ke son mai ɗan kama jiki ta saya, ta tarar da buhu. An kori ta farko, an ɓata wa ta biyu rai. Hanyar gane hoton da aka yi wa wannan aiki ita ce a dubi ɗinkin gefe: idan ya ja baya ya ɓace maimakon ya sauko miƙe daga hammata, ko kuma an ga yadin ya yi tsiri-tsiri daga ƙugu zuwa baya, to an danne shi.

Sai na tambaye ta: "Hajiya, cikin masu sayen kayanki, wace ce idan ta sa rigarki ta fita sai wasu sun biyo sawu sun zo saye?" Ba ta yi dogon tunani ba ta ambaci wata malamar makaranta, mai 'ya'ya, wankan tarwaɗa, matsakaicin tsayi, mai ɗan jiki. Na ce irin wannan muke nema. Ba lallai ita ɗin ba, amma mai kama da ita a shekaru da jiki da yadda take tsayuwa a gaban mutane.

A ganina nan ne mutane ke kuskuren fahimtar shawarar da ake bayarwa cewa a ɗauki mai kama da abokin ciniki. Ba ana nufin a nuna mace yadda take da ƙarfe 6 na safe tana haɗa yara makaranta ba. Ana nufin a nuna ta a ranar da ta fi jin daɗin shigarta: an goge rigar, mayafi ya zauna, fuska a sake. Idan mai tallar ta ɗan fi mai saye tsaf, mai saye za ta ce ni ma zan iya kaiwa haka. Idan tazarar ta kai shekara 20 da bambancin jiki gaba ɗaya, sai ta yi kallo kawai ta wuce.

Daga ƙarshe mata biyu muka ɗauka. Ɗaya mai tsayin ƙafa 5 da inci 3, mai jiki, ta sa lamba 54. Ɗayar ta fi tsayi kaɗan, ba ta kai ta jiki ba, ta sa 56. Dukansu da takalmi maras tudu. A ƙarƙashin kowane hoto aka rubuta tsayin wadda ta sa, da lambar rigar, da faɗin ƙirji da inci. Wannan layi ɗaya ya rage tambayar "wace lamba zan ɗauka" sosai, domin mace kan kwatanta kanta da wadda take gani ta yanke hukunci.

Maganar launin fata ta ɗan jawo gardama. Mai shagon ta ce ita ta lura farar mace ta fi jan ido a shafi, kuma ba ƙarya ta yi ba idan jan ido kawai ake nema. Amma launin yadi ba ya zama shi kaɗai a idon mai kallo, yana sauyawa da fatar da ke kusa da shi. Ruwan hoda mai haske ko ruwan ƙasa a jikin farar mace wani abu ne, a jikin baƙar mace wani abu ne daban, sau da yawa ma ya fi fitowa. Abokiyar cinikin da ba ta taɓa ganin launin a kan fata irin tata ba sai ta koma wa baƙi da ruwan toka don kada ta yi asara, launuka masu haske kuma su yi kwantai. Ga kuma matsalar gyaran hoto. A hotunan farko an ƙara wa fuskar yarinyar haske, gyaran kuma ya shafi hoton duka, har ruwan goro ya koma kamar ruwan lemo. Wasu cikin waɗanda suka dawo da kaya cewa suka yi ba launin da suka gani ke nan ba, kuma da gaskiyarsu. A sabon aikin mun ajiye ƙyallen yadin a gefen waya muna kwatantawa da abin da ke kan allo, duk gyaran da ya raba su muka bar shi.

Baƙar abaya a jikin baƙar mace tana da wuyar ɗauka, shi ya sa wasu masu hoto ke gudunta suna ɗora laifin kan fata. Laifin na haske ne. Kyamarar waya na auna hasken wurin gaba ɗaya, don haka idan bango fari ne fat sai ta rage haske, rigar ta zama baƙin tabo ba a ganin ɗinki, fuska ma ta dushe. Mun sauya bangon zuwa ruwan toka mai matsakaicin duhu, muka tsayar da su a inuwa kusa da babbar taga yadda haske zai shigo ta gefe ya fito da naɗe-naɗen yadin, sannan a taɓa allo a kan rigar a ɗan ƙara haske da hannu.

Kwalliya ba ta ɗauke mu lokaci ba: hoda, kwalli, ɗan jan baki maras ƙyalli, ba gashin ido na kanti, ba dogayen farce. Mai sayen rigar da za ta yi alwala a wurin aiki tana ganin dogon farce ta san ba ita ake nufi ba.

Tsayuwa ita ce ta fi cin lokaci. A hotunan farko yarinyar ta ɗora hannu a ƙugu, ta karya jiki gefe, ta tura ƙafa ɗaya gaba. Wannan tsayuwar an ƙirƙire ta ne don fito da siffar jiki, alhali wannan rigar an ɗinka ta ne don ta rufe siffar. Hannun da ke ƙugu ya tattare yadin ya ɓoye aljihu, ya kuma ja hannun rigar sama har tsintsiyar hannu ta bayyana, sai mai kallo ta zaci hannun gajere ne. Sai muka juya tambayar: mene ne mai saye ke son ta tabbatar kafin ta tura kuɗi? Mai shagon ta san amsar, don kullum ana yi mata tambayoyin. Rigar tana shara-shara? Idan na zauna tana ɗagewa? Hannun zai naɗu a yi alwala? Ya bayanta yake?

Kowace tambaya ta zama hoto. Na farko tsayuwa ce miƙe daga gaba, hannuwa a sake an ɗan raba su da jiki don a ga faɗin rigar da inda hannu ya tsaya. Sai na gefe da na baya, wanda yawancin masu sayarwa ke mantawa, alhali mace ta fi damuwa da yadda riga ke kwanciya a bayanta tunda shi ne ba ta gani. Sai na zaune a kujera irin ta ofis, ƙafafu a ƙasa, don a ga cewa bakin rigar har yanzu yana rufe idon sawu. Akwai wanda aka ɗauka daga kusa tana naɗe hannun rigar zuwa gwiwar hannu, ana ganin robar da ke bakinsa. Wannan hoton, wanda ba fuska a cikinsa ko kaɗan, shi ne abokan ciniki suka fi turowa suna cewa "irin wannan nake so". Na ƙarshe ɗan gajeren bidiyo ne tana tafiya a hankali ta gaban taga, haske na bayanta, domin duk yadin da ke nuna jiki a nan yake tona kansa. Wani launi guda mai haske ya faɗi wannan gwaji, mai shagon ta sa aka yi masa shafi kafin a fitar da shi.

Tsayin kyamara ma yana sauya jikin mutum. Idan aka ɗauka daga sama da madubin waya mai faɗi, kai ya yi girma, ƙafafu su gajarce, rigar ta yi kamar ta fi tsawonta. Idan daga ƙasa ne, mutum ya yi tsawon da ba nasa ba, abin da aka yi wa yarinyar farko ke nan. Mun ajiye wayar daidai tsakanin ƙugu da ƙirji, muka ja baya, muka sa zuƙowa ta 2x. An bar fili sama da ƙasa, saboda hoton Instagram na tsaye 4:5 ne, na matsayin WhatsApp kuma 9:16, kuma idan ba a bar fili ba bakin rigar ne ake yankewa, wurin da mai saye ta fi buƙatar gani.

Yanayin fuska kuwa, yarinyar farko ta yi abin da aka koya mata: ba murmushi, haɓa a ɗage, ido cikin ido da kyamara, leɓe a ɗan buɗe. A tallan manyan kamfanonin ƙawa na waje wannan fuskar tana nufin tsada da isa. A idon matar aure mai shekara 40 a Kano tana iya nufin girman kai, ko kuma rashin kunya, kuma ba wadda za ta so a ga rigarta a tuna da wannan kallon. Akwai kuma dalili na aiki: idan mai talla ta ƙura wa kyamara ido, idon mai kallo kan tsaya a fuskarta. Idan ta kalli gefe ko ta sunkuyar da ido kan hannun rigar, sai mai kallo ya bi inda take kallo. Don haka muka raba aikin. Hoton farko na kowace riga tana kallon kyamara da ɗan murmushi irin na gaisuwa, leɓe a rufe ko haƙora kaɗan, don a ji kamar mutum ce da aka sani. Sauran hotunan ido yana kan kaya.

Da yake matan biyu ba ƙwararru ba ne, da an ce "yi murmushi" sai fuska ta sandare. Abin da ya yi aiki shi ne mai shagon ta tsaya bayan kyamara tana jan su da hira. Ta ce wa ɗayar, "Anti, ya kika ƙare da mai adaidaitan nan na jiya?" Ta fara ba da labari tana dariya, aka ɗauki hoton a daidai lokacin da dariyar ke sauka, kafaɗu sun saki.

Ɗaya daga cikinsu ta ce ita da maigidanta sun amince da hoton amma ban da fuska. Wannan ba baƙon abu ba ne a nan, kuma bai hana aiki ba. An yanke hotunanta daga haɓa zuwa ƙasa, wasu kuma ta juya baya ko ta kalli gefe mayafi ya kare fuskar. Abin da na hana shi ne liƙa tambarin fure ko ɗan zanen fuska a kan fuskarta, domin ido na zuwa kan tambarin kai tsaye, hoton kuma ya yi kama da wanda aka sato daga shafin wani. Ga abaya, rashin fuska ba ya rage komai. Ga hijabi kuwa yana ragewa, tunda abin da ake son gani shi ne yadda bakinsa ke zagaye fuska da ko yana matse haɓa, don haka duk hijaban ɗaya matar ce ta sa su. An rubuta 'yar takarda kowa ta sa hannu: a wane shafi za a ɗora, na tsawon wane lokaci, da fuska ko babu, da kuma cewa idan ta nemi a sauke za a sauke.

Mai shagon ta tambaya ko ba zai fi sauƙi a koma wa mutum-mutumi ba, ko a ɗauko hotunan matan Dubai da ke yawo a intanet. Mutum-mutumi ba ya zama, ba ya tafiya, kuma jikinsa ba na kowa ba ne. A Kano ma yana da nasa tarihin, don a shekarar 2021 hukumar Hisbah ta sanar da hana amfani da shi wajen baje kolin tufafi a shagunan teloli da kantuna. Hotunan waje kuwa, ban da cewa ba rigarta ba ce a jikinsu, hukumar ARCON mai kula da harkar talla a Najeriya ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya tun daga 1 ga Oktoba 2022. Ko da ba a waiwayi ƙaramin shago ba, abokan ciniki sun daɗe da koyon cewa abin da aka gani a irin wannan hoto ba shi ke isowa ba.

Bayan an ɗora sababbin hotunan, masu danna so sun ragu, kuma hakan ya dame ta a makon farko. Amma saƙonnin sun sauya iri. Tambayar wace ce yarinyar ta ɓace, aka koma "tsayina ɗaya da ta hoton, a ba ni 54 ruwan toka". Dawo da kaya saboda tsawo ya yi sauƙi sosai. Launuka masu haske da suka yi kwantai sun fara tafiya. Ba zan ɗora duka a kan sauya mai talla ba, domin tare muka sauya haske, muka ƙara rubutun awo, kuma an ɗora su dab da ƙarshen wata lokacin da albashi ke shigowa. Wanda ke son ya san takamaiman abin da ya yi aiki sai ya sauya abu ɗaya kawai, riga ɗaya da farashi ɗaya a jikin mutum biyu, ya ɗora su a ranaku masu kama da juna, ya ƙirga oda ba masu kallo ba.

Da azumi ya gabato, shagon ya fitar da wasu abayoyi na Sallah masu duwatsu da buɗaɗɗen gaba, waɗanda 'yan mata da amare ke saya. Mai shagon ta fara sa wa matan nan biyu, tunda su suka kawo ciniki, sai kayan suka zauna. Ɗalibar jami'a ta ga rigar a jikin sa'ar mahaifiyarta ta ɗauka ta iyaye ce. Aka sake kiran yarinyar farko, wannan karon ba a danne rigar ta baya ba, an rubuta tsayinta da lambar da ta sa, an bar mata kwalliyarta da lallenta da tafiyarta a bidiyo. Yanzu shafin ya rabu biyu, kayan aiki a jikin matan nan, kayan biki a jikinta, kuma kafin a yanka sabon yadi mai shagon kan rubuta a littafin oda wace ce cikin ukun za ta sa shi.